Kuɗi sun shigo, amma odar wani aka biya

Ina sayar da kaya ta intanet, kuma da wata manhaja nake karɓar kuɗin da kwastomomi ke turowa daga asusun wayarsu. Gaskiya tana da sauri, kafin mutum ya ajiye waya alat ya shigo. Matsalar tana wajen haɗa kuɗi da oda.

Kowace oda tana da lambarta, kuma kwastoma ne da kansa zai rubuta ta a gurbin bayani lokacin biya. Manhajar abu biyu kawai take dubawa, lambar oda da adadin kuɗi. In sun dace, sai ta ce an biya. In ba su dace ba, kuɗin su koma jerin waɗanda ba a san mai su ba. Wannan jerin bai dame ni ba, domin ina ganinsa, ina bin su ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya ƙona mini rai shi ne na wata baiwar Allah mai oda 4817, da ta rubuta 4871. Sai aka yi rashin sa'a 4871 odar wani ce da bai biya ba, kaya iri ɗaya, kuɗi ɗaya. Manhajar ko gezau, ta buga masa "an biya", kaya suka tafi. Ita kuwa odarta ta zauna har wa'adinta ya cika, aka soke ta. Da ta kira ranta a ɓace, ta turo hoton rasit. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, hoto ana iya haɗa shi, karanto mini lambar shaidar biya da ke cikin saƙon da aka turo miki." Wannan lambar kamfanin kuɗi ne ke ba da ita, ba ta maimaituwa. Na neme ta a shafina, sai ga ta manne da 4871, lokacin biya da ƙarshen lambar wayarta duk sun yi daidai.

To me ya hana manhajar duba wannan? Lambar wayar mai oda tana gabanta, ta mai biya ma haka. Na san wasu da wayar miji ko ta ɗa suke biya, ba za a ƙi kuɗinsu ba, amma ai sai ta dakata ta tambaye ni.

Da na so in ce a nan kaɗai ta gaza, sai na tuna babu ma hanyar cire kuɗi daga wata oda a mayar kan wata. Sai an rubuta wa ma'aikatan masu manhajar, su kuma amsa sai ta ga dama. Ni na sake aika wa Hajiya kaya daga aljihuna. Har sai sun kawo tsarin da buƙatar biya za ta fito a wayar kwastoma ya sa lambar sirri kawai, ba na sakin kaya sai na gwada lambar waya da idona.