Wata uku ina biyan masu lissafin talla: abin da suka nuna mini game da kwastomomin ragi

Sana'ata kai kayan miya gida-gida a cikin Kano. Uwargida ta biya naira 30,000 a farkon wata, mu kuma duk Asabar mu kai mata kwando guda na tumatir, tattasai, attaruhu, albasa da ganye, a zaɓe a wanke. Daga Yankaba nake saro mafi yawan kayan. Idan na cire kuɗin kaya da na leda da na mai babur, abin da ke rage mini a kan kowane gida a wata ya kai kimanin naira 6,000 a lokacin rani. Wannan dubu shidan ita ce ginshiƙin duk abin da zan faɗa a ƙasa.

Wata uku ke nan ina biyan wani ƙaramin kamfani na matasa biyu naira 40,000 duk wata domin su riƙa yi mini lissafin talla. Abokan sana'a da dama sun tambaye ni ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ta biya, amma akwai wuraren da aikinsu bai gamsar da ni ba, kuma zan faɗe su.

Abin da ya kai ni wurinsu shi ne talla biyu da na saka a Facebook da Instagram a watan Nuwamba, kowace na zuba mata naira 200,000. Ta farko ragi ce: wadda ta shiga za ta biya 25,000 a watan farko maimakon 30,000. Ta biyu babu ragi ko kwabo, ɗan bidiyo ne kawai na yaranmu suna tsince ruɓaɓɓen tumatir suna wanke alayyafo, da muryata ina yi wa matan da ke fita aiki bayanin yadda za su huta da zuwa kasuwa. Tallar ragi ta kawo gida 50, ta bidiyo ta kawo 20. A shafin Ads Manager, inda Facebook ke nuna sakamakon talla, akwai wani layi mai suna Purchase ROAS, wanda ke raba kuɗin cinikin da talla ta kawo da kuɗin da aka kashe mata. Ta ragi ta nuna 6.25, domin gida 50 sun biya 1,250,000. Ta bidiyo ta nuna 3, domin gida 20 sun biya 600,000. Ina ganin haka na kashe ta bidiyo, na ci gaba da zuba kuɗi a ta ragi har watanni. Kullum sababbin sunaye na shigowa, amma ranar Asabar yawan kwandunan da muke ɗaurawa a babur bai wani ƙaru ba. Wannan ne ya hana ni barci.

Ranar farko da suka zo shago, babban cikinsu bai ko buɗe shafin talla ba. Littafin biyan kuɗi ya nema, da takardar banki ta wata shida. Ya ce, "Hajiya, wancan shafin ciniki na farko yake gani, ke kuwa a biya na biyu da na uku kike cin abinci." Ya bayyana mini cewa a tsarin da shafin ke zuwa da shi, yana danganta ciniki da talla ne idan an saya cikin kwana 7 da danna ta, ko kwana 1 da ganinta. Abin da aka gina shi ya auna ke nan, kuma yana auna shi. Sabunta biya na wata mai zuwa ya wuce wannan wa'adi, ga shi yawancin kwastomomina da taransifa suke sabuntawa su turo rasit ta WhatsApp.

Aikin da suka yi ba wani siddabaru ba ne, sai dai yana son haƙuri. Sun ware duk waɗanda suka shigo a Nuwamba kashi biyu, gwargwadon tallar da ta kawo su, sannan suka bi kowane gida wata bayan wata suna duba wa ya sake biya. Gida 50 na ragi sun koma 18 a Disamba, 11 a Janairu, sai 8, sai 7, zuwa Afrilu saura 6. Gida 20 na bidiyo kuwa sun zama 17, sai 16, sai 15, sai 14, a Afrilu ma 14 ɗin suna nan. Na daɗe ina kallon layukan nan biyu. Tallar da na kashe da hannuna ita ce ta bar mini gida 14, wadda nake ta yabo ta bar mini 6.

Daga nan suka mai da lissafin kan riba, suka ajiye kuɗin ciniki gefe. Wannan ne wurin da na fi jin jiki, domin ragin 5,000 daga cikin dubu shidan nan tawa ya fita. Ashe a watan farko naira 1,000 kawai na ci a kan kowane gidan ragi, wato 50,000 gaba ɗaya, a tallar da ta cinye 200,000. Sauran watanni biyar sun ba da biya 50 idan aka haɗa, kowane da ribar 6,000, ya zama 300,000. Jimilla 350,000 a wata shida, a cire kuɗin talla saura 150,000. Gidajen bidiyo sun biya sau 96 a wata shidan, duk a cikakken farashi, ribar ta kama 576,000, a cire kuɗin talla saura 376,000. Idan aka raba a kan mutum guda, na sayi kwastomar ragi a 4,000 ta kawo mini 7,000, na sayi ta bidiyo a 10,000 ta kawo 28,800, kuma ba ta tafi ba tukuna. Wannan jimillar ribar da kwastoma ke kawowa tsawon zamanta da kai ita ce a shafin da suka gina mini aka rubuta LTV a samanta.

Ban so a ɗauka tallar ragi asara ce. Ta mai da kuɗinta a wata na uku. Ta bidiyo ta mai da nata a wata na biyu. Wannan lissafi na yaushe kuɗin talla ke dawowa ya fi mini amfani fiye da kowane, domin ni da kuɗin hannu nake saro kaya, kuma dillalin Yankaba ba ya karɓar ribar da za ta zo bayan wata takwas. Mai ƙaramin jari na iya samun tallar da za ta yi riba sosai a shekara, amma ta karya shi kafin shekarar ta zagayo.

Sai wuraren da na yi ƙorafi. Na farko, a saman shafin sun saka wata babbar lamba da suka ce ita ce darajar kwastomar bidiyo har ƙarshen zamanta. Sun samo ta ne ta raba ribar wata da kason masu fita duk wata, wanda suka ƙiyasta kashi 7 cikin ɗari:

```
LTV = 6000 / 0.07 = 85714
```

Ma'anar wannan ita ce kowace kwastoma za ta zauna kusan wata 14. To ni wata shida kawai na gani da idona, a kan gida 20. Gida biyu su ƙaura zuwa Abuja, lambar ta rushe. Ga shi kuma lissafin yana ɗauka mutane na fita daidai wa daida kowane wata, alhali gidajen ragi sun nuna ba haka ba ne: 32 cikin 50 sun tafi a sabuntawar farko, sauran kuma suna raguwa ne sannu a hankali. Na ce su cire lambar daga sama, su bar mini abin da ya riga ya shiga asusu. Sun ɗan ja, suka ce haka ake yi a ko'ina, amma sun cire.

Na biyu ya fi damuna. Sun kafa ribar 6,000 a kowane wata kamar ba ta motsi. Wanda ya san kayan gwari ya san Nuwamba zuwa Afrilu lokacin araha ne, tumatirin rani na Kadawa da kewaye ya cika kasuwa. Da damina ta kawo kai kwandon tumatir ke tashi, ribata a kan gida ta kan faɗo zuwa 3,500, wani satin ma ƙasa da haka. Kwastomar da ta zauna daga Mayu zuwa Agusta ba ta kawo abin da ta rani ta kawo. Sai da na zauna da ƙaramin cikinsu da littafin sari, muka fitar da ribar kowane wata dabam. Ya kamata a ce su suka tambaye ni wannan tun ranar farko.

Akwai kuma kurakuran ƙirga da sai mai shago ne zai gane su. Wata baiwar Allah ta biya watan farko da katinta, daga baya maigidanta ya ci gaba da turowa daga asusunsa. Shafin ya rubuta ta tafi, shi kuma ya zama sabon kwastoma da ba a san tallar da ta kawo shi ba. Mun samu irin wannan har gida huɗu, lambobin da na kawo a sama bayan gyara ne. Yanzu da lambar waya da adireshin gida muke gane kwastoma, ba da sunan da ke kan rasit ba. Haka waɗanda suka tafi ƙauye hutun Sallah suka dakatar da wata guda, an buɗe musu layin dakatarwa dabam da na fita. Duk wadda ta shigo ta WhatsApp kuma, yarinyar da ke amsa saƙo tana tambayarta a ina ta ji labarinmu, ta rubuta nan take.

Abin da na ɗauka daga wurinsu nake aiki da shi kullum shi ne duba sabuntawar farko. Ba zan iya jiran wata shida kafin in yanke hukunci a kan kowace talla ba, amma wata na biyu yana faɗin kusan komai: 18 cikin 50 a ɗaya, 17 cikin 20 a ɗayar. Yanzu sabuwar talla nakan ba ta kuɗi kaɗan, in bar ta kwana 40, in ga nawa suka sake biya kafin in ƙara mata. Purchase ROAS ina dubawa har yanzu, domin idan talla ba ta kawo kowa ba a satin farko babu abin jira.

Wanda kwastomominsa ke biya wata-wata kuma yake kashe dubu ɗari ko fiye a talla, irin wannan aiki zai amfane shi, da sharaɗin yana da rubutaccen tarihin wanda ya biya da ranar da ya biya. Idan babu wannan littafi, babu abin da za su iya yi masa. Wanda gidajensa ba su wuce talatin ba kuwa, ya riƙe dubu arba'in ɗinsa, ya ja layi shida a littafi ya ƙirga da kansa.

Na sabunta da su na wata uku, na kuma sake kunna tallar bidiyo. Ragin ban soke shi ba, na dai matsar da shi: yanzu wadda ta biya wata biyu cikakku ce ke samun sauƙin 5,000 a na uku. Gidajen da suka shigo ta wannan hanya su 23 ne, kuma ranar ɗaya ga wata mai kamawa ne sabuntawarsu ta farko.