Kafin ka biya a haɗa maka foldar tarayya, nemi harafin `t`

Shagonmu na buga takardu a Mabera, nan Sakkwato, yara huɗu ne ke aiki, duka suna ajiye fayil a folda guda a kan Linux. Ranar da wani ya share babi uku na furojet ɗin wata ɗaliba yana cewa shara yake yi, ni na tsaya gabanta ina ba da haƙuri. Tun ranar, abin da nake fara tambaya shi ne: wa zai iya goge aikin wani?

Mai gyaran da ya haɗa mana foldar `chmod 777` ya sa, umarnin da ke ba kowa cikakken izini a kanta. Kada ka karɓi wannan ko kyauta ne. Goge fayil cire sunansa ne daga folda, don haka izinin foldar ake dubawa, ba na fayil ɗin ba. Duk wanda ke iya rubutu a ciki yana iya share na kowa.

Ba kowa foldarsa daban yana da tsaro, sai dai miƙa aiki ya koma wahala. `chattr +i` kuwa, umarnin kulle fayil, har mai fayil yake ɗaure wa hannu.

Zaɓina shi ne sitiki bit, wata alamar izini da ake sa wa folda, wanda `/tmp`, foldar ajiyar wucin-gadi ta Linux, ke amfani da shi, kuma ba ya cin ko sisi:

```
sudo chmod 1777 /srv/aiki
ls -ld /srv/aiki
```

Za ka ga `drwxrwxrwt`. Wannan `t` na ƙarshe ya sa kowa na iya ajiye nasa, amma gogewa ko sauya suna sai mai fayil, ko mai foldar, ko `root`, babban asusun da ke iko da komai. Don haka a tabbata foldar ta `root` ce, kada ta zama ta ɗaya daga cikin yaran. Na gwada da kaina: na ajiye fayil da asusuna, yaro ya buga umarnin gogewa `rm` daga nasa, allo ya ce `Operation not permitted`.

Sai dai a yi hattara da masu aikin ganin ido. Wani zai nuna maka `t` ya karɓi kuɗinsa, alhali duk yaran da asusu ɗaya suke shiga, ko a Samba, manhajar raba folda tsakanin kwamfutoci, ya sa `force user`, wanda ke mai da kowane fayil na mutum guda. A nan alamar ado ce kawai. Wani kuma zai ɗora foldar a kan filas mai FAT32 ko exFAT, waɗanda ba sa riƙe mai fayil balle izini. In ka ga babban `T`, sauran mutane ba su da izinin shiga foldar.

Kuma kada a ce maka sitiki bit yana hana taɓa abin da ke cikin fayil. Fayil mai izinin `666` kowa zai iya buɗe shi ya kwashe rubutun, sunan yana nan zaune. A bar fayiloli a `644`, inda mai fayil kaɗai ke iya rubutu. Kafin kuɗi su bar hannunka, a buɗe asusu biyu a gabanka, ɗaya ya gwada goge na ɗaya.