Kwakwa, almon, jojoba ko kaɗanya: wanne ya dace da wace fata, kuma wanne ke jure ajiya

"Don Allah a taimaka min. Fuskata akwai maiƙo da ƙuraje, ƙafafuna kuma gautsi har da faso. Ina so in sayi mai guda ɗaya babbar kwalba in huta. Tsakanin man kwakwa, man almon, jojoba da man kaɗanya wanne zan ɗauka, kuma zai kai yaushe bai lalace ba?"

'Yar'uwa, mai guda ba zai yi miki aikin nan biyu ba. Ki sayi jojoba ƙaramar kwalba saboda fuska, ki nemi man kaɗanya saboda ƙafa. Bari in yi miki bayanin dalili.

Fara da man kwakwa, tunda shi mutane suka fi yi wa kallon maganin komai. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa kitse ne mai daskarewa, shi ya sa da zarar sanyi ya sauka ƙasa da digiri 24 sai ki gan shi ya yi fari ya sandare. Wannan halin ne ke sa ya jure ajiya, yakan yi shekara biyu lafiya lau idan an rufe shi da kyau. A hannu, a gwiwa da gashin kai yana aiki sosai, domin yana cikin 'yan mayukan da ke shiga cikin silin gashi. Matsalarsa fuska ce. A ma'aunin toshe ƙofofin fata, wanda ke tafiya daga 0 zuwa 5, ana ba shi 4. Gaskiya ne asalin ma'aunin nan a kunnen zomo aka yi gwajinsa, don haka ba hukunci ba ne a kan kowa, akwai masu shafa shi a fuska ba abin da ke samunsu. Amma ke da ƙurajen sun riga sun fito, ban ga dalilin da za ki gwada a kanki ba. Alamar bai karɓe ki ba ita ce ƙananan ƙuraje masu farin kai, marasa zafi, a goshi da haɓa, kuma ba washegari suke fitowa ba, sai bayan makonni, lokacin da mutum ya manta da abin da ya jawo su.

Jojoba daban yake da sauran ukun tun daga asali. A sinadari yana kama da kakin zuma, sai dai shi ruwa-ruwa ne, ana tatsarsa daga 'ya'yan wata bishiya da asalinta hamadar Sonora ce, tsakanin Mekziko da Amurka. Wani ɓangare na maiƙon da fatarmu ke fitarwa irin wannan kakin ne, shi ya sa idan kika murza ɗigo biyu ko uku a fuska mai danshi, yakan bi fata ya kwanta, ba ya barin ƙyallin nan mai nauyi. Kada dai ki ɗauka zai warkar da ƙuraje. Aikinsa ya tausasa fata ba tare da ya ƙara miki matsala ba. Wajen ajiya kuwa shi ne gaba, yakan wuce shekara biyu, har ya kai huɗu ko biyar a wuri mai sanyi. Inda ya gaza shi ne faso: ya yi sauƙi da yawa, diddige zai shanye shi kamar ba a shafa komai ba.

Wannan aikin man kaɗanya ne. Ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 30, wato sai kin murza shi a tafin hannu ya ji ɗumin jiki, kuma idan ya hau fata yana zama ya tare ruwan da ke cikinta kada ya fita. A nan akwai abin da ake yawan kuskurewa: mai ba ya ba fata ruwa, riƙe wanda ya tarar yake yi. Saboda haka ki shafa bayan wanka, ƙafa da sauran danshinta, da dare kuma ki sa safa a kai. Yakan yi shekara ɗaya zuwa biyu. Idan kika buɗe kika tarar ya yi tsakuwa-tsakuwa, bai lalace ba, narkewa ya yi sannan ya huce a hankali. Ki narkar da shi gaba ɗaya a cikin kwano bisa ruwan zafi, ki sa a firji ya daskare da sauri, zai koma sumul.

Man almon kuwa ina son shi ga fata mai matsakaicin bushewa da kuma tausa, domin yana da santsi, ba ya saurin shanyewa, kuma ba shi da wani ƙamshi mai ƙarfi. Sai dai shi ne mafi rauni a cikinsu wajen ajiya. Wani kaso mai yawa na kitsensa irin wanda iska ke saurin ɓatawa ne, don haka shekara ɗaya ce iyakarsa, a ɗaki mai zafi ma ba ya kaiwa. Wanda jikinsa ba ya son almon ko danginsa a abinci, ya bar shi a fata ma.

Yanzu batun babbar kwalba, mu yi lissafi. Ɗigo 20 kusan mililita ɗaya ne. Idan kina shafa ɗigo uku kowane dare, kwalba mai mililita 30 za ta kai ki dare 200, wato ta haura wata shida. Mai mililita 250 kuwa sai ta yi fiye da shekara huɗu ba ta ƙare ba. Da almon ne a ciki, kin ga kashi uku cikin huɗu zubarwa za ki yi, ko ki ci gaba da shafa lalataccen mai ba ki sani ba, shi kuma yana jawo ƙaiƙayi da jan fata. Ko jojoba da ke daɗewa, mililita 30 zuwa 50 ya ishi fuska. Wanda ya cancanci ki saya da yawa shi ne kaɗanya, saboda ƙafa tana cin mai.

Ki kuma tuna shekarun nan daga ranar da aka tatsi man ake ƙirga su, ba daga ranar da kika saya ba, don haka ki duba kwanan watan da ke jikin kwalba. Iska, haske, zafi da ruwa su ke kashe mai. Kwalba mai duhu ta fi, a rufe ta gam, a nesa da taga da bayan gida mai tururi. Kada ki tsoma jiƙaƙƙen yatsa cikin kaɗanya ko kwakwa, ki ɗiba da busasshen cokali. Idan kuma kika haɗa biyu, misali almon da jojoba, ki ɗauki haɗin da kwanakin almon ɗin.

Hanci ne ke fara gane lalacewa. Ki ɗiga a bayan hannu, ki murza ya yi ɗumi, ki shinshina. Lafiyayyen almon da jojoba kusan ba su da wari. Idan kika ji wani wari mai kama da tsohon fenti, ko kika ga bakin murfi ya yi danƙo yana kama yatsa, ya tashi daga aiki. Kaɗanyar da ba a tace ba tana da ƙamshinta na hayaƙi tun asali, don haka ki shinshina ta ranar da kika saya, ki san yadda take, domin ki gane in ta sauya. Kafin jojoban ya hau fuska baki ɗaya, ki gwada shi a ƙasan muƙamuƙi na kamar mako biyu, kada ki haɗa da wani sabon abin shafawa a lokacin, don in wani abu ya fito ki san daga ina yake.