Jakar goyo mai lita 25 ko jakar tafiya mai lita 40?

"A Kano nake aiki, amma duk bayan mako biyu ina zuwa Abuja kwana uku. Kwamfutata mai inci 15.6 ce. Kuɗin jaka ɗaya gare ni, wacce zan saya, mai lita 25 ko mai lita 40?"

Malam, ni dai mai lita 25 zan ce ka ɗauka. Babbar za ta cinye kaftani uku da takalmi da kwamfutar gaba ɗaya, wannan gaskiya ne, ƙaramar kuwa daga kwamfuta da caja da littafi sai kaya kala ɗaya. To amma ka tuna tasha. Jaka mai lita 40 ba ta zama a cinya, direba zai ce a sa ta a but, a ɗora mata buhu, gilashin kwamfuta kuma ba ya jure danni. Ƙaramar tana kan ƙafarka har ka sauka. Tufafin ka zuba su a kowace tsohuwar jaka da ke gida.

Wajen baya kuma aikinsu ya bambanta. Kwamfutarka wajen kilo 2 ce, da caja da gorar ruwa da ƴan tarkace ka kai kilo 4, kafaɗa za ta ɗauki wannan muddin igiyoyin masu faɗi ne kuma da soso mai tauri. Babbar idan ta cika tana kai kilo 10, nan dole sai da ɗamarar ƙugu mai kauri da za ta sauke nauyin kan ƙugu. Yawancin masu araha siririyar igiya kawai aka maƙala musu, ba ta ɗaukar komai. Kafin ka biya, zura hannu cikin aljihun kwamfutar ka taɓa gindinsa. Idan ya sauka har ƙasan jakar, duk lokacin da ka dire ta kusurwar kwamfutar ce ke dukan siminti. Nemi wanda ya tsaya kamar yatsa biyu sama da ƙasan, kuma yana manne da bayanka.

Ruwan sama ba ruwansa da girman jaka. Mai shago zai ce maka ba ta shan ruwa, ƙila yadin yake nufi, amma ruwan Agusta ta zif da ɗinki yake shiga. Duba ko akwai leɓen yadi da ya rufe zif ɗin, ka leƙa ciki ka ga ko yadin na da shafin roba. In gwanjo ce kuma shafin yana ɓarewa ko yana danƙo a hannu, ya mutu, ka bar ta. Rigar ruwa ta jaka, wadda ake yafa mata daga waje, ita ce kariya ta gaske, kuma da hunturu tana tare ƙurar da ke toshe zif in kana cikin Adaidaita Sahu.