Sharhi kan ɗan kwangilar da ya gyara min gidan haya a Rijiyar Zaki

Gidan ciki biyu ne da falo, ɗan hayan da ya daɗe a ciki ya tashi ya bar min shi kaca-kaca, tayil ɗin falo ya farfashe, silin ɗin ɗaki ɗaya ya lotsa, banɗaki kuwa ba a magana. Mutum uku na kira su zo su duba. Na farko ko awo bai yi ba, ya zagaya da hannu a aljihu ya ce dubu 950 zai gama komai. Na biyu ya kawo miliyan 1 da dubu 400. Na uku miliyan 2 da dubu 100, wai har da fiyofi da fitilu masu kala, gidan haya fa, ba ni zan zauna a ciki ba.

To ka ga ba yadda za ai ka kwatanta waɗannan kuɗaɗen tunda kowa aikin da ke kansa daban. Sai na zauna na rubuta abin da nake so a takarda ɗaya na tura musu su ukun: sabon tayil a falo kawai, canza silin ɗin ɗaki ɗaya, fenti hannu biyu ciki da waje, gyaran banɗaki, canza soket da makullai. Na ce kowa ya raba min kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, ya rubuta adadi da irin kayan. A nan asirin mai araha ya tonu. Falon ƙafa 16 ne da 14, kusan sukwaya mita 21 kenan, katan ɗin tayil 60 da 60 kuma guda 4 ne a ciki, yana rufe mita 1.44, ko ba yanka ba asara sai ka sa katan 15, in ka haɗa da na gindin bango da wanda zai karye sai 17. Shi 12 ya rubuta. Wato sai aiki ya kai rabi zai zo ya ce Alhaji tayil bai isa ba. Fentinsa ma hannu ɗaya ya lissafa.

Na tsakiyan na ɗauka, kuma gaskiya takardarsa ta burge ni. Kaya dubu 980, hannu dubu 420, har yawan buhun siminti da bokitin fenti ya rubuta, da na leƙa Ƙofar Ruwa na tambayi farashi ban ga ya yi wani ƙari na rashin imani ba. Da fari kashi 70 ya nema kafin alƙalami, na ce Injiniya wannan kam ba zai yiwu ba. Muka tsaya a kan dubu 560 ya fara, dubu 420 in an gama aikin famfo da tayil, dubu 280 in an gama fenti, sauran dubu 140 kuma su zauna a hannuna sai sabon ɗan haya ya yi wata guda a ciki. Wa'adi sati 3. Muka sa hannu, dillalin da ke nemo min 'yan haya ya zama shaida.

Yanzu ga inda labarin yake. Da suka ɓamɓare tayil ɗin banɗaki sai ga bututun da ke cikin bango yana yoyo a wajen gwiwa, bulo ya sha ruwa har ya ɓulla ta bangon ɗakin da ke jikinsa. Ashe wannan farin abu kamar kanwa da ke fitowa a gindin bangon, da fentin da ke kumbura yana zubowa, ba damina ba ce kamar yadda tsohon ɗan hayan ke ta faɗa min. Alamar ma a fili take, danshin damina yana bushewa da rani, wannan kuwa har cikin zafin Afrilu bangon sanyi ƙalau, kuma bango ɗaya ne tak. A takarda abin da aka rubuta shi ne canza tayil da kan famfo da shawa, babu fasa bango. Mutumin ya tsayar da aiki, ya turo min bidiyo ta WhatsApp, ya ce Alhaji wannan ba ya cikin lissafinmu, ka zo ka gani da idonka kafin in taɓa. Ya rubuta ƙarin dubu 180 a wata takarda daban, sabon bututu, kankare tsohuwar filasta har kan bulo, sabuwar filasta da maganin hana ruwa. Wallahi a ranar na ji daɗinsa, don wani rufewa zai yi da tayil ya karɓi kuɗinsa ya ƙara gaba. Har 'yan uwana na ce wa na samu mutumin kirki.

Amma da kashi na biyu ya shiga hannunsa sai labari ya sha bamban. Yara suka daina zuwa, in ka kira sai ya ce gobe insha Allahu, gobe kuma waya a kashe. Daga baya mai fentin nasa ne ya gaya min sun kama wani babban aiki a Hotoro duk an kwashe su can. Sati 3 ya zama 6. Gidan miliyan 1 da dubu 200 nake ba da shi a shekara, wato duk wata dubu 100, sati 3 na banza kusan dubu 70 kenan suka bi ruwa, ga wanda ya riga ya biya yana kirana safe da yamma don shi ma an ba shi notis a inda yake. Takardarmu ta ce sati 3 amma babu inda ta ce me zai faru in an wuce, shi kuma ya san da haka sarai.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne bangon nan dai. Duk tsawon lokacin da suka ɓace ba su yi filastar ba, da sun yi kafin su tafi ai da ta bushe tana jiransu. Sai da suka dawo a gurguje suka yaɓa, kwana biyu tsakani suka bi da fenti don a ce an gama a karɓi kashi na uku. Sabuwar filasta a kan bulon da ya jiƙe makonni take so, sai launinta ya tashi daga duhu ya koma fari-fari ko'ina, in ka manna leda a jiki ta kwana ba ka ga gumi a ciki ba, sannan a yi fenti. Shi da ya gano matsalar da kansa ya fi ni sanin wannan. Ranar da na je karɓar aiki bango fes, ɗan haya na shiga ba jimawa fenti ya fara ƙuraje yana ɓarewa daidai wurin.

Da na kira shi cewa ya yi ai danshin tsohon bango ne ba laifinsa ba. Na ce to Injiniya dubu 140 ɗinka suna nan, ka zo ka kankare, ka bari ya bushe, ka sake shafawa, in ba haka ba da su zan biya wani. Washegari sai ga mai fenti da abin kankara. Wannan karon sun jira, ɗan hayan ne dai ya sha zama da kaya a tsakiyar ɗaki.

Tayil ɗin falo kam ba abin cewa, ka ƙwanƙwasa ko'ina ba ka jin ƙarar rami, banɗaki ma har yau ba ɗigo. In aikin famfo ne ko tayil zan iya sake kiransa, amma ba zai ƙara ganin kashi na biyu ba sai an gama filasta ta bushe, kuma a takarda za a rubuta nawa za a cire duk satin da ya ƙara. Ga makullin kicin ma da yake cikin lissafi tun farko, har yanzu tsohon ne a jiki, na yi magana har na gaji na sa kafintan unguwa ya canza da kuɗina.