Dubu 42 na biya aka ɓata min fuska, ku yi hattara da mai haɗin man nan

Wallahi tun da na dawo daga asibitin Shika jiya nake kuka. Dubu 42 fa, ni da ko atamfa sai na zaga Sabon Gari sau biyu kafin in saya.

Kuma kar wata ta ce min sakarai ce ni, na tambaya! A Kwangila muka haɗu da mai haɗin man ta miƙo min robobi uku a leda, na ce Hajiya ba bilicin ba ne ko? Ta dafa ƙirji ta ce "ƙanwata man kaɗanya ne da kurkum da zuma zalla, ko jariri a shafa masa." Har yanzu ina ganin hannun nan a ƙirjinta. Fuskarta luwai-luwai, tana ta rantsuwa, wa zai ƙi yarda? A tsaye na tura kuɗin.

Likitan fata yana kallona ya ce alamun siteroyid ne mai ƙarfi, irin su kilobetasol, maganin ciwon fata da ake shafawa na ɗan lokaci da izinin likita, su kuma sai su matse tub ɗin cikin man kaɗanya su ce haɗin gargajiya ne. Shi ya sa na yi haske a kwana 8 ina ta murna. Wata uku ina shafawa safe da dare, yanzu fatata ta yi siriri, jijiyoyi kore-kore a kumatu, nankarwa a damtse, in na shiga rana kamar an watsa min barkono. Da na daina kwana biyu ƙuraje suka feso, ta ce dattin jiki ne ke fita, in ƙara saye. Au, a nan ne ma na ba da 17, farko 25 ne, shi ne 42 ɗin.

Abin da ya fi ci min rai, ni da hannuna na ɗora tallarta a sitatus. "Yana warkar da kyasbi da makero har abada, ba shi da illa ko kaɗan." Ban san me ke cikin robar ba na rubuta haka, ƙanwar mijina a Tudun Wada ta saya saboda ni, da wane ido zan kalle ta?

Robar ba lambar NAFDAC, ba jerin abin da aka zuba, sai sitika mai fure. Na ce ta turo lambar ta ce tana hanya, yau ta yi bulokin ɗina. Sikirinshot na rasit da muryoyinta duk suna nan, zan ɗora su da daddare.

Duk man da ya haska ki cikin sati ɗaya ki ajiye ki je asibiti da robar. Kuma kar ki rubuta "yana warkarwa" ko "ba illa" a kan kayan da ba ki san haɗinsu ba.