Roba ce, hanci ne, ko wuta? Yadda ake bambance su a tukunyar furesha

"Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tukunyata ta furesha ta daina huci. Na ɗora ganda kusan awa guda, ruwa sai ƙonewa yake, gandar kuma tana nan da taurinta. Wata ta ce roba ce, wata ta ce hancin murfi ne ya toshe, maigida ya ce wuta ce ba ƙarfi. Wanne zan kama?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kafin ki sayi komai, juye gandar, ki zuba ruwa kofi biyu kawai, ki rufe, ki ɗora a wuta mai ƙarfi, ki tsaya ki ga ta inda tururi yake fita. Ruwa kaɗan irin wannan, cikin minti biyar zuwa goma ya kamata tukunyar ta kama.

Dalilin gwajin shi ne, tukunyar nan tsare tururi take yi har zafin ciki ya kai wajen digiri 120, maimakon 100 na tukunyar da aka saba. Matsalar roba, wato zoben da ke zagaye da cikin murfi, da ta hanci, wato ɗan bututun da ke saman murfi, duk yoyon tururi ne, sai dai wurin fitar ya bambanta. Matsalar wuta kuwa, tururin ne bai taru ba tun farko.

Idan roba ce, za ki ga tururi yana fesowa ta gefen murfi, sau da yawa kusa da mariƙi, ruwa yana ɗiga yana gangarowa jikin tukunyar. Ki bari ta huce, ki cire robar ki lanƙwasa ta a hannu. Mai lafiya tana da laushi, tana komawa yadda take. Wadda ta mutu takan bushe ta yi tsage-tsage, ko ta saki ta fi gurbinta girma. Wani lokaci lafiyarta lau, busasshen maiƙo ne ko ɓawon wake ya maƙale a ƙarƙashinta, wanki kawai take so. Ki kuma bi bakin tukunyar da yatsa, domin masu buga ludayi a baki sukan lotsa shi, kuma bakin da ya lotse ko sabuwar roba ba ta toshe shi. In saye ya kama, tafi da murfin kasuwa a gwada a gabanki. Ko da litar tukwane ta zo ɗaya, ba lallai robarsu ta zo ɗaya ba.

Hanci kuwa, a nan ake yawan ruɗewa. Idan gefe a bushe yake amma tururi yana ta zuba ta saman murfi ba tsayawa, to ƙarfen nan mai nauyi bai zauna daidai a kan hancin ba, ko datti ya tokare shi. A tukunyar lantarki, maɓallin ne aka bari a Venting maimakon Sealing. Ki duba ƙaramin bawul ɗin kariya da ke gefen hancin ma: in an taɓa barin tukunya ta ƙone ba ruwa, yakan narke ya bar rami, kuma canza shi ake yi, ba a cusa masa komai.

Toshewar hanci daban ce, kuma ita ce nake tsoro. Tukunyar takan yi shiru, amma a ciki tururi cike yake, ya rasa hanya. In kin ga ƙaramin ƙarfen da ke kulle murfi ya ɗago, murfi ya ƙi motsi, ba huci, ki kashe wuta nan take, kada ki yi kokawa da shi har sai ya sauka da kansa. Bayan nan ki ɗaga murfin ki leƙa ramin ta wajen haske, ki zura tsinken sakace ki fitar da abin da ke ciki. Kumfar wake ce ta fi jawo wannan, shi ya sa ba a wuce rabin tukunya da wake, nama kuma kashi biyu cikin uku.

Ta wuta ba ta da wuyar ganewa: ba yoyo ko'ina, ruwa yana nan, tukunyar dai ta ƙi kamawa. Gas ya kusa ƙarewa, ko an rage wuta tun kafin ta yi huci, ko wutar lantarki ta zo ba ƙarfi. In ta sauko daga volt 220 zuwa 180, murhun ya rasa kusan kashi ɗaya cikin uku na zafinsa.

A naki, ƙonewar ruwan nan ita ce shaida. Tukunyar da ta rufu da kyau ruwa kaɗan take sha, ko wuta ba ƙarfi, ko hanci ya toshe. Tunda naki yana ƙarewa, tururi yana da mafita. Ni robar na fi zargi, sai bawul ɗin kariya. Ki yi gwajin kofi biyun, ki faɗa mana ta gefe ya fito ko ta sama.